Ogan da ba ya duba jadawali: saƙon hannu ko dashbod?

Tambaya: "Salam 'yan'uwa. Ni ke riƙe da lissafi a wurin aikinmu, kuma duk mako ina tura wa oga jadawali na Excel, amma ba ya buɗewa, sai dai ya kira ni ya ce in faɗa masa da baki. Wani ya ce zai haɗa min dashbod mai zane-zane a kan naira dubu 120. In saya, ko in riƙa rubuta masa bayani da kaina?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka, ka rubuta da kanka. Na gwada duka biyun a ma'ajiyar siminti da nake yi wa lissafi a nan Kano, kuma ɗaya daga ciki har yau in na tuna kuɗin da na sa Alhaji ya fitar sai raina ya sosu.

Dashbod ɗin dai naira dubu 150 muka biya. Yana da kyau a ido, ba zan ƙi faɗa ba, kuma wanda ke da rassa goma yana son ganinsu a fuska ɗaya zai iya cin moriyarsa. Alhaji sau biyu ya buɗe shi. Mutumin da bai son layukan lambobi, da'ira mai kala biyar ma aiki ce a wurinsa, domin har yanzu shi aka bar wa fassarar.

Saƙon hannu kuwa shi ya tsayar da ni a wurin nan. Ranar Asabar bayan mun rufe, nakan zauna minti ashirin in rubuta layi biyar ko shida in tura masa ta WhatsApp kafin Isha'i. Bari in nuna maka na wani mako da ba na mantawa, saboda a nan ne na gane abin da ake nufi da taƙaitawa.

A takarda makon ya yi kyau. Ciniki ya kai naira 17,952,000, alhali makon baya 17,100,000 ne, wato ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Da dashbod ne, kibiya koriya za ta nuna sama, Alhaji ya yi hamdala ya kwanta. Amma da na duba buhunan da suka fita sai na ga 1,760 ne, makon baya kuwa 1,800. Kaya sun ragu da buhu 40. Abin da ya ɗaga kuɗin shi ne farashi, da muka ƙara daga 9,500 zuwa 10,200 a kan buhu. Sannan na duba abin da ya shigo hannu, tsabar kuɗi da taransifa gaba ɗaya, na ga miliyan 14.3 ne kawai. Ga abin da na tura masa:

"Ranka ya daɗe, barka da dare. Akwai abu biyu da ke jiran umarninka kafin Litinin: biyan kuɗin tirela biyu, da maganar bashin ɗan kwangilar nan. Kayan da ke sito buhu 1,170 ne, a yadda muke sayarwa zai kai mu Alhamis kawai, mota kuma kwana uku take yi bayan an biya. Bashin da muke bi ya tashi daga miliyan 6.1 zuwa 9.8, kuma miliyan 5.2 a ciki na mutum ɗaya ne, mako uku bai kawo komai ba. Ciniki miliyan 18 ne, ya ɗara na makon jiya da kashi 5, amma ƙarin farashi ne ya jawo, buhunan da muka sayar sun ragu da 40. Abin da ya shigo hannu miliyan 14.3 ne. Cikakken lissafi yana nan in kana so."

Ko minti goma ba a yi ba ya kira ni. Bai tambaye ni ko lamba ɗaya ba. Cewa ya yi a daina loda wa ɗan kwangilar sai ya rage, kuma Litinin da sassafe in tuna masa kuɗin mota. Da muka yi sallama sai ya ƙara da cewa, "Haka nake so, Malam. Allah ya yi albarka." Shekara biyu ina tura masa jadawali ban taɓa jin wannan ba.

Duba yadda saƙon ya jeru. Ciniki, wanda shi ne layin farko a kowane jadawali, a saƙona ya koma na huɗu. Abin da ke buƙatar hukunci shi ke hawa sama, domin oga a waya yake karantawa, wataƙila a mota ko tsakanin baƙi, kuma layi biyun farko ne kaɗai kake da tabbacin zai gani. In babu abin da ke jiran umarninsa a wannan makon, ka faɗa a layin farko cewa komai na tafiya daidai. Wannan ma labari ne, kuma yana sa ranar da ka ce akwai matsala ya san da gaske kake.

Sai kuma yadda ake faɗin lambar. Na rubuta miliyan 18, ban rubuta 17,952,000 ba. Oga ba zai yanke wani hukunci daban saboda dubu 48 ba, amma doguwar lamba tana tsayar da ido. Cikakkiyar lambar tana cikin littafi don ranar da za a yi bincike. Kayan sito ma ban tsaya a buhu 1,170 ba, na mayar da su kwanaki. Lissafin mai sauƙi ne: buhu 1,760 a kwana shida na aiki ya kama kusan 293 a rana, 1,170 in ka raba da 293 ya ba ka kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis. Kalmar "Alhamis" ce ta motsa Alhaji. Kowace lamba kuma tana tafe da abin auna ta, ko makon jiya, ko abin da aka saba. Miliyan 9.8 ita kaɗai ba ta ce komai ba sai da 6.1 ta tsaya kusa da ita.

A nan ne mutane suka fi zamewa, kuma ni ma na zame. Makon Babbar Sallah kwana huɗu muka buɗe, na kwatanta shi da makon kwana shida na rubuta cewa ciniki ya faɗi da kashi ɗaya bisa uku. Alhaji ya tayar da hankalin yaran shago a banza. Da na raba da kwanakin da aka buɗe, sai ga shi cinikin kowace rana bai motsa ba. Tun daga nan duk makon da kwanakinsa suka gaza, ko don Sallah ko don wani dalili, da cinikin rana nake kwatantawa, kuma ina faɗa a cikin saƙon. Ka tsayar da makonka ma wuri ɗaya. In Litinin zuwa Asabar ne, ya zauna haka, kada wannan makon ka saka cinikin Lahadi wancan ka cire.

Dalili shi ne abin da babu manhajar da za ta rubuta maka, domin ba ya cikin lambobin. Ruwan sama ya hana magina fita kwana biyu, mota ta makale a hanya, maƙwabcinku ya karya farashi, waɗannan a bakin yaran shago da direbobi kake jin su. Amma ka kiyaye Allah a nan: abin da ka tabbatar ka faɗe shi kai tsaye, abin da kake zato ka ce zato ne. "Ina ganin damina ce ta rage masu gini, zan tabbatar ranar Talata" ya fi ka ƙirƙiro dalili don saƙon ya cika. Oga na ɗaukar maganarka ya kai ta kasuwa, in ta fashe a can kai za a dawo wa.

Kada ka jefar da Excel ɗinka, shi ne tukunyar, saƙon kuwa abin da aka zuba a kwano. Za ka ma iya sa shi ya haɗa maka jimlar da ba ta canzawa. In cinikin wannan makon yana B2, na makon jiya yana C2, wannan zai yi aiki a Excel da Google Sheets:

```
="Ciniki miliyan "&TEXT(B2/1000000,"0.0")&IF(B2>=C2,", ya ƙaru da kashi ",", ya ragu da kashi ")&TEXT(ABS(B2-C2)/C2*100,"0")&" cikin ɗari"
```

Da lambobina zai fitar da "Ciniki miliyan 18.0, ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari". In ka ga `#DIV/0!` to C2 ne babu komai a ciki. Amfaninsa shi ne ya hana ka kuskuren lissafi da daddare bayan gajiya. Ka kwafe jimlar, sannan ka ƙara "amma" ɗinka da hannu, domin shi bai san an ƙara farashi ba.

Wasu za su ce ka yi masa saƙon murya kawai tunda baki yake so. Ina yi wani lokaci, amma sai na rubuta tukuna sannan in karanta abin da na rubuta. Murya ba ta bincikuwa. Bayan wata uku in gardama ta tashi kan yaushe aka fara gargaɗi game da bashin wane, rubutu ne za ka lalubo da kwanan watansa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka game da masu sayar da dashbod, saboda abin da ya same mu. Wanda ya haɗa mana namu ya kulle shafukan da kalmar sirri da shi kaɗai ya sani. Ranar da muka fara sayar da rodi na ƙara layi ɗaya, sai `#REF!` ya cika fuskar, ya ce gyara sai an sake biyan dubu 30, daga baya ma ya daina ɗaga waya. Ba duka suke haka ba, akwai masu amana. Amma duk wanda ya ƙi nuna maka aikinsa a kan lambobinka kafin ka biya, ko ya ƙi ba ka kalmar sirrin, ka bar shi. Wanda ya ce ka turo masa fayil mai sunayen kwastomominku da lambobin wayarsu da bashin da ake bin kowa, kada ka tura ba da sanin oga ba, wannan sirrin kasuwarsa ne. Haka masu tallan lasisin Office "na har abada" a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, sau da yawa bayan 'yan watanni yake mutuwa. In kuɗin lasisi ne matsalar, Google Sheets kyauta ne kuma yana buɗuwa a waya.

Abin da za ka yi wannan makon: idan ya kira ka kamar yadda ya saba, ka riƙe biro ka rubuta tambayoyin da yake yi maka, a jeren da yake yin su. Ba za su wuce huɗu ko biyar ba, kuma za ka ga kusan su ne yake maimaitawa duk mako. Su ne layukan saƙonka. Asabar mai zuwa ka riga shi, ka tura amsoshin kafin ya kira, rana ɗaya lokaci ɗaya kowane mako, ka liƙa jadawalin a ƙasa ko da ba zai buɗe ba. Bayan mako uku ka tambaye shi ko akwai layin da yake tsallakewa, in akwai ka cire shi.