Sharhi kan SQM bayan wata biyu: kiran bidiyo ya daina daskarewa, amma da sauran rina a kaba

SQM tsari ne da ke sarrafa jiran saƙonnin intanet a cikin rauta don hana cunkoso. Layin da na gwada shi a kai yana ba da megabit 40 wajen saukewa, megabit 5 wajen turawa. Duk sanda aka yi gwajin sauri lambobin nan suna fitowa cif, fim yana sauka lafiya lau, amma da an shiga kiran bidiyo sai fuska ta tsaya cak, murya ta riƙa tsinkewa. Rautar da nake amfani da ita ta zo da wani maɓalli mai suna QoS na fifita saƙonni masu muhimmanci, na kunna shi na kashe babu abin da ya canja. Wannan ne ya sa na ɗora mata OpenWrt, manhajar da ke maye gurbin wadda rauta ta zo da ita, na saka `luci-app-sqm` mai kawo SQM, kuma gaskiya ban yi tsammanin bambancin zai kai haka ba.

Kafin ka taɓa komai, ka fara tabbatar da cewa ciwon da ke damun layinka shi ne jinkirin da ke tashi idan layi ya cika da aiki. Haɗa kwamfuta da rauta ta kebul, ka tsayar da duk wani abu da ke cin intanet, ka buga:

```
ping -c 100 1.1.1.1
```

A Windows `-n` ake sawa a madadin `-c`. A Linux layin ƙarshe zai nuna maka `min/avg/max/mdev`. Na ƙarshen nan, `mdev`, shi ne ma'aunin yadda lokacin zuwa da dawowa yake tangal-tangal, wani ƙunshin saƙo ya iso da wuri wani ya makara. Layi na zaune babu aiki na samu matsakaici milisakan 24, `mdev` kuma 2. Sai na maimaita umarnin a daidai lokacin da waya take tura bidiyo mai nauyi zuwa ma'ajiyar intanet. Matsakaici ya haura 600, mafi tsawo ya kusa 850. Da na maimaita lokacin saukewa, ya tashi amma bai wuce 90 ba. Ke nan hanyar fita ce ta toshe.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Modem yana da wurin da yake tara ƙunshin saƙonni su jira layi idan sun fi ƙarfin hanya. Ka ɗauka wurin yana cin kilobait 512. Wannan kusan megabit 4 ne, kuma a hanyar da ke fitar da megabit 5 a daƙiƙa, sai an yi kusan milisakan 800 kafin na ƙarshe ya fita. Mai tura babban fayil yana ta ƙara gudu har sai ya cika wurin maƙil, domin haka aka gina shi. Ita kuwa murya yawanci duk milisakan 20 take aika ɗan ƙaramin ƙunshi, kuma kowane sai ya bi bayan wancan dogon layi. Manhajar kira tana ɗan jiran wanda ya makara, idan ya wuce iyaka ta yar da shi, kai kuma ka ji kalma ta ɓace. Saukar fayil ba ruwanta da wannan, ko ƙunshi ya makara da daƙiƙa ɗaya jimillar gudun ba ta ragu ba, shi ya sa gwajin sauri yake nuna komai lafiya. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa jinkirin tafiya ɗaya bai kamata ya wuce milisakan 150 ba idan ana son hira ta tafi daidai. Wani injiniyan kwamfuta mai suna Jim Gettys ne ya fito da wannan matsala ta cunkoso fili a 2010.

Abin da SQM ke yi shi ne ya rage gudun rautar kaɗan ƙasa da ƙarfin layi, don jiran ya dawo cikin rauta inda za a iya sarrafa shi, modem kuma ya zauna babu cunkoso. A shafin `Network` sai `SQM QoS`, na zaɓi hanyar `wan`, wato wadda ke fita zuwa intanet, na sa kashi 90 cikin ɗari na abin da na auna: 36000 a saukewa, 4500 a turawa. A kula, da kilobit ake rubuta su, wanda ya rubuta 36 yana nufin megabit ya shaƙe layinsa da hannunsa. A ɓangaren `Queue Discipline` na ɗauki `cake` da `piece_of_cake.qos`. Shi `cake` yana ware wa kowace hanyar sadarwa nata layin, yana kuma barin mai aiko kaɗan-kaɗan, irin murya, ya wuce ba tare da ya jira babban fayil ba. Na sake tura bidiyon nan ina buga `ping`: matsakaici 29, mafi tsawo 41, `mdev` 4. Kiran awa guda ana tura fayil a gefe, murya ba ta tsinke ko sau ɗaya ba. Megabit 4 da na sadaukar a saukewa ban ji rashinsu ba sam.

Da a nan na tsaya da sai in ce kowa ya saka. Amma akwai abubuwan da suka ɓata mini rai, kuma har yanzu idan na tuna ina jin haushi. A gwajin farko lambobin ba su motsa ba ko kaɗan, ashe `Hardware flow offloading` a kunne yake a saitin `Firewall`, shi kuma yana zagaye SQM ne gaba ɗaya. Sai da na kashe shi aikin ya fara. Hanyar tabbatarwa ita ce ka shiga rautar kanta ka buga:

```
tc -s qdisc show dev wan
```

Idan kana tura fayil amma lambobin da ke ƙarƙashin `cake` ba sa ƙaruwa, ba ta nan saƙonninka suke bi ba. Kashe `Hardware flow offloading` kuma yana da tsadarsa, don duk aikin ya koma kan ƙwaƙwalwar rauta. A megabit 40 babu damuwa, amma ƙaramar rauta a layin ɗaruruwan megabit za ta iya gazawa.

Babban abin takaicin shi ne layin 4G. Na gwada saitin a kansa, da safe ya yi kyau, da yamma daskarewar ta dawo. SQM yana aiki ne da lambar da ka ba shi, bai san layi ya ragu ba. Idan ka rubuta 4500 alhali turawa ta faɗi zuwa 2000 saboda jama'a sun cika turken sadarwa, jiran ya koma cikin modem kamar da. Ko dai ka saita shi a kan mafi ƙarancin gudun da kake samu ka yi asarar sauran yini, ko ka ɗora `cake-autorate` wanda ke auna jinkiri yana gyara lambar da kansa, shi kuma sai wanda ya saba da buga umarni.

Haka nan SQM bai taɓa matsalar waifai ba. Daga ɗaki mai nisa na buga `ping` zuwa rautar kanta, `192.168.1.1`, wanda ta kebul ba ya kai milisakan 1, sai ga shi yana tsalle daga 3 zuwa sama da 100. Wannan jinkirin tun kafin a fita gida yake faruwa, maganinsa kebul ko matsowa kusa a koma zangon 5 GHz.

Ga mai layin kebul ko na faiba wanda gudunsa ba ya canjawa, kuma `ping` ɗinsa yana tashi da zarar an fara turawa, ina ba da shawarar sakawa ba tare da shakka ba. Mai 4G kuwa ya auna turawarsa da safe da yamma na kwana uku tukuna, ya ga tazarar da ke tsakaninsu kafin ya rubuta kowace lamba.