Na ba su hira biyu su rubuta min, ga yadda aikin ya fito

Kamfanin mayar da sauti zuwa rubutu da na ba aikin zaɓi biyu suke bayarwa idan ka ɗora fayil ɗin odiyo, akwai `verbatim` wato a rubuta komai yadda ya fito daga baki har da in'ina da maimaici da dariya, sai `clean verbatim` wanda ake share waɗannan a bar maka magana a miƙe. Hirarraki biyu na tura na binciken da nake yi kan ma'aikatan kwantiragi, na zaɓi na sharewa saboda ya fi saurin fitowa, kuma gaskiya ya yi daɗin karantawa, sunan mai magana a gefe, lokaci a kowane sakin layi kamar [00:14:32], inda ba su ji ba suka sa alama ba su yi ƙage ba. Wannan kam na yaba musu.

Matsalar sai da na sa iyafis ina bin rubutun da sautin na gan ta. Na tambayi wata mata ko ta amince da sharuɗɗan kwantiragin, a rubuce aka sa "Na yarda, na sa hannu." Amma abin da ta faɗa shi ne "Eh to... na yarda dai, na... wato an ce in sa hannu ne, na sa." Ku duba fa, kusan kalmomin ɗaya ne amma maganar ta juye gabaɗaya, ta farko mace ce da ta amince da ranta, ta biyu kuwa wadda ba ta da yadda za ta yi ce, kuma duk binciken nawa a kan wannan bambancin yake. Shirun nan na wajen sakan uku bayan "eh to" shi ma bayani ne.

Abin da na lura shi ne mai taifin ɗin yana ɗaukar kalmomin "dai" da "kam" da "fa" da "ma" a matsayin cikon baki irin su "am" da "ka gane ko", alhali ba haka ba ne. Wani ya ce "ni kam ban gani ba" aka mayar "ban gani ba", to ai kam ɗin nan yana nufin wataƙila wasu sun gani shi ne dai bai gani ba, an cire ta an rufe min ƙofar tambaya ta gaba. Haka "munka" da ya faɗa sun gyara zuwa "muka", wannan kuma karin harshensa ne, ba kuskure ba ne balle a gyara.

Ba wai sharewa ba ta da amfani ba. Inda ya ce "mu biyar ne, a'a, shida" suka rubuta shida kawai, daidai ne don shi ya gyara kansa. In da bayanin taro ne ko lacca ko hirar da za a buga mutane su karanta, na sharewar zan ɗauka ba shakka, don in ka buga maganar mutum da duk in'inarsa sai ya zama kamar bai san abin da yake faɗa ba alhali kowa haka yake magana, kuma rashin adalci ne gare shi. Amma duk abin da zai zama hujja, ko za ka yi nazarin yadda aka faɗe shi, ko za ka ciro ka sa a cikin alamar zancen wani ka ce wane ya ce, cikakken ake nema. Daga cikakke kana iya share naka da kanka, daga sharraren kuwa sai an koma kan sautin daga farko, kuma awa ɗaya na magana yakan ci awa huɗu ko fiye wajen rubutawa.

Batun kuskuren rubutu daban ne. A odiyo babu shi, in ka ga an rubuta kalma ba daidai ba na mai taifin ne, a gyara. Amma na haɗa musu da wata takardar koke da ma'aikatan suka rubuta da hannu, a nan sunan mutum ɗaya ya zo da Abdullahi a sama da Abdulahi a ƙasa, sai suka daidaita min su ba tare da sun faɗa ba. Takardar asali ba a yi mata haka, ana barinta yadda take a sa [sic] bayan kalmar don mai karatu ya san haka yake tun asali, domin wa ya tabbatar ma mutum ɗaya ne?

Da na yi ƙorafi sun sake aikin a `verbatim` ba gardama, na rubuta musu ƙa'ida: a bar dai, kam, fa, ma, kuwa, a bar karin harshe, a nuna shirun da ya wuce sakan biyu, kar a taɓa harafi a takarda. Na biyun ya fito yadda nake so. Zan sake ba su aiki, amma da ƙa'idar a rubuce, kuma zan ɗauki minti biyar daga tsakiyar sautin in gwada da rubutun kafin in karɓa.