Kuɗin amarya, na ƙawaye da na wata-wata: wanne ake yi wa ragi?

"Ina zanen lalle da kwalliya a Kano. Amare na cewa in haɗa musu komai a farashi ɗaya, ƙawaye na neman ragi, wata kuma tana so ta riƙa biyana duk wata. Ragi iri ɗaya zan yi musu?"

A'a, 'yar'uwa. Ragi yana fitowa ne daga kuɗin da haɗin ya sauƙaƙa miki, kuma waɗannan ukun ba daidai suke sauƙaƙawa ba. Fara da fayyace farashin mutum ɗaya. Mu ɗauka lallen hannu da ƙafa a gidan mai shi naira 8,000 kike karɓa: 1,500 na kayan aiki, 2,500 na adaidaita sahu zuwa da dawowa, 4,000 ladan awa biyu. Ke nan awarki 2,000 ce. Ki sa naki lissafin a wurin nawa, amma da wannan ma'aunin za mu auna duka ukun.

Ƙawaye shida a gida ɗaya, da daban-daban ne 48,000 za su biya. Tunda tafiya ɗaya za ki yi, kin tsira da kuɗin mota sau biyar, wato 12,500. A nan ragi yake da tushe. Ki sa musu 7,000 kowacce, 42,000 ke nan. Cire kaya 9,000 da mota 2,500, saura 30,500 a kan aikin awa 12 da ladansa yake 24,000. Rarar nan kada ki kyautar da ita, domin awa 12 ta fi ƙarfin hannu ɗaya, sai kin ɗauki mai taya ki, ita ma da kuɗin motarta. Inda ake cutuwa shi ne a ce miki su shida ne, ki ƙi karɓar wani aiki ranar, ki je ki tarar da uku. Saboda haka ki faɗa tun farko cewa in ba su kai biyar ba farashi ya koma 8,000, kuma mutum ɗaya ce za ta tara kuɗin ta miƙa miki.

Amarya kuwa akasin haka take, shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a yi mata ragi don wai aikinta da yawa. Lallenta zai ci awa biyar, kwalliyar kamu biyu, ta dina biyu. Sai zaman jira, wanda yawancinmu ba ma lissafawa: tana wurin kitso, ko tela bai kawo kaya ba, awa uku sun tafi. Awa 12 ce ita ma, daidai da ta ƙawaye shida, amma tafiya uku za ki yi, 7,500, kayan kwalliyarta kuma a ce 10,000. Da ladanki 24,000, kin kai 41,500 ba ki ci ribar ko sisi ba. Ga shi ranakun da take kamawa Juma'a ne da Asabar, waɗanda kowa ke nema, musamman a Rajab da Sha'aban da bukukuwa ke cunkushewa kafin azumi. Ni ba zan sauka ƙasa da 55,000 a irin wannan ba. In uwar amarya ta matsa, ki yi mata ihsani da aiki, kamar ki zana mata hannu kyauta. Wannan ba zai ci miki abin da rage 10,000 zai ci ba. Ki karɓi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami kafin ki riƙe mata ranar, ki rubuta mata a waya abin da ke ciki: kwalliya sau nawa, da ɗaurin kallabi ko babu, ƙarfe nawa za ki tashi. In ba haka ba, ƙannen amarya za su yi layi kowacce na cewa ai tana cikin kuɗin.

Ta wata-wata ragi kaɗan ya dace da ita, kuma dalilinsa daban ne: tana biya tun farkon wata, tana cike miki ranakun da babu ciniki. In ita za ta zo wurinki, babu kuɗin mota, zama ɗaya 5,500 ne, sau biyu a wata 11,000. Ki bar mata a 10,000, da sharaɗin Litinin zuwa Laraba, zaman da ta fasa ba ya tsallakawa wata na gaba, kuma satin Sallah ba ya ciki. In ta fara zuwa ranar Asabar ko tana turo ƙanwarta a madadinta, alamar yarjejeniyar ta koma cin ki ce, ki gyara a ƙarshen watan. Kada kuma ki ɗaure farashin fiye da wata uku, saboda kayan da kike sarowa ba sa tsayawa a kuɗi ɗaya.