Kai-sukweya ko gwajin Fisher: wanne ya dace da mutum 20?

"'Yan uwa ku taimaka. Marasa lafiya 20 gare ni: 10 sun sha sabon magani, 7 suka warke, 10 sun sha tsoho, 2 suka warke. Kai-sukweya zan yi ko gwajin Fisher?"

Ƙanwata, Fisher za ki yi.

Abin dubawa shi ne adadin da ake sa ran samu a kowane gida na teburinki mai gida huɗu, in da babu wata alaƙa tsakanin magani da warkewa. Ki ninka jimillar layin kwance da ta layin tsaye, ki raba da 20. Waɗanda suka warke 9 ne, don haka 10 sau 9 a raba da 20 ya ba ki 4.5. Gida biyu na da 4.5, biyu na da 5.5. Ƙa'idar Cochran ta 1954 ta ce kada gidajen da ke ƙasa da 5 su wuce kashi 20 cikin 100. Naki rabi ne cur.

Ki gwada da kanki a R:

```
t <- matrix(c(7,2,3,8), 2)
chisq.test(t, correct = FALSE)
fisher.test(t)
```

Na farko zai ba ki 5.05, p kuma kusan 0.025, ƙasa da iyakar 0.05 da aka saba amfani da ita, ki yi ta murna. Fisher zai ba ki kusan 0.07. Kai-sukweya kiyasi ne da ke daidaita idan mutane sun yi yawa, kuma a ƙananan tebura yakan ƙanƙantar da p. Shi kuwa Fisher, jero duk teburan da za su yiwu da waɗannan jimillolin yake yi, ya lissafa yiwuwar kowanne kai tsaye.

Ni da shi na kare aikina, a kan wata cuta da ba a cika samu ba. Wani gida a teburina sifili ne. Mai jarrabawa ya ɗora biro a kan sifilin nan ya ce, "Da wane gwaji?" Da na ce Fisher, ya gyaɗa kai ya juya shafi. Har yau ina jin daɗin wannan lokacin. Aibin gwajin Fisher ɗaya, yana da tsauri, wani lokaci alaƙa ta gaske kan kuɓuce masa.

Kai-sukweya ba laifi idan kina da ɗaruruwan mutane kuma kowane gida ya cika.

Sannan ki yi hattara da masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibai lissafi. Wasu duka biyun suke yi, su miƙo miki wanda ya sauka ƙasa da 0.05, su ɓoye ɗayan. Ki ce a nuna miki adadin da ake sa rai. A SPSS yana nan a ƙasan teburin, inda aka rubuta "expected count less than 5".

Ki rubuta 0.07 ɗinki yadda yake, tare da kashi 70 da kashi 20 na warkewa, ki bayyana cewa mutum 20 sun yi kaɗan a yanke hukunci.