Akwa rejiya ko HF: wanne ya dace da auna dalma a ƙasa?

"Ina rubuta rahoton auna dalma a samfurin ƙasa da na'urar AAS. In narkar da akwa rejiya ko da HF? Kuma yaya zan bayyana saitin na'ura?"

Malam, hanyoyin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Akwa rejiya, wato kashi 3 na HCl da kashi 1 na HNO3, tana kwaso dalmar da ke manne da ƙwayoyin ƙasa, amma ba ta fasa silika. A tsarin ISO 11466 na shekarar 1995 ana zuba mililita 21 na HCl da 7 na HNO3 a kan giram 3 na busasshiyar ƙasa, a bar shi awa 16, a tafasa awa 2 da bututun mayar da tururi, a tace, a cike zuwa mililita 100. Za ka ga farin yashi ya saura a takardar tacewa. Wannan ba kuskure ba ne, sai dai kada ka rubuta cewa ka auna dukkan dalmar.

HF kuwa tana narkar da silikar kanta, don haka ita ke ba da jimilla ta gaskiya. Amma tana cin gilashi, dole a yi aiki da mazubin tefulon, kuma tana ratsa fata kafin a ji zafinta. In gurɓata kake nema, mu dai akwa rejiya za mu zaɓa.

A wajen saiti ma hanya biyu ce. Ta farko, ka tsarma ruwan ma'auni mai 1000 mg/L zuwa 0, 1, 2, 5 da 10, ka karanta a 283.3 nm, ka ja layi. Sharaɗinta shi ne asid ɗin da ke cikin ma'aunai ya yi daidai da na samfur, domin ruwa mai kaurin asid yana hawa bututun na'ura a hankali, sai karatu ya yi ƙasa. Ta biyu, ka raba samfur kashi huɗu, ka ƙara wa uku sananniyar dalma. Idan tashin wannan layi ya bambanta sosai da na farko, abin da ke cikin ƙasar yana danne karatu, sai ka yi amfani da na biyun. Sai dai hanya ta biyun ba ta gyara hasken da gishiri ke tarwatsawa a cikin harshen wuta. Wannan aikin fitilar D2 ne, ka kunna ta.

Misali, samfur ya nuna 2.4 mg/L, holoƙon da aka narkar babu ƙasa ya nuna 0.1:

```
(2.4 − 0.1) × 0.100 L ÷ 0.003 kg = 76.7 mg/kg
```

A rahoto ka faɗi cewa nauyin na busasshiyar ƙasa ne, wanda aka gyara da kason da aka busar a 105 °C. Samfurin da ya haura 10 mg/L kuma a tsarma shi a sake karantawa, a ninka da adadin tsarmin.