Janareto ko sola: wanne ya fi wa mai aikin kwamfuta a Garwa?

Wutar garin Garwa na Kamaru daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai ɗauke wuta ya yawaita. Mai fassara ko zane a gida ya fara da lissafi. Kwamfutar cinya tana jan kamar wat 60, modem wat 10. Aikin awa 8 ke nan wat-awa 560.

Ƙaramin janareto ya fi araha a ranar saye, yana kuma ɗaukar fanka. Sai dai fetur kullum, ga ƙara lokacin da kake waya da mai ba ka aiki, ga wutarsa mai hawa da sauka tana ƙona caja.

Sola kuwa tsada ce a farko. Batirin da aka rubuta wa 12V 100Ah yana riƙe wat-awa 1200, amma idan na ruwa ne, rabi kawai za ka ci, in ba haka ba ya mutu da wuri. Rabin nan ya isa yini guda da ƙyar, faranti mai wat 200 kuma zai cika shi. Zafin Afrilu yana rage wa batirin kwana, don haka a ajiye shi a inuwa, a riƙa goge ƙurar hunturu daga farantin.

Ni sola zan zaɓa. Amma ba ta hana eriyar sadarwa ta unguwa mutuwa idan an ɗauke wuta, shi ya sa ake riƙe layi biyu, MTN da Orange, a kwafi aikin yini a filashi, a tura shi intanet da dare lokacin da layi ya sake.