Sharhi: Wireshark wajen gano wanda ke yanke haɗi ana tsakar sauke fayil

Fayil ya fara sauka lafiya, ya kai rabi, sai manhaja ta rubuta "Connection reset by peer" ta tsaya. Wannan saƙon bai faɗi komai ba sai cewa wani fakitin TCP mai alamar RST, wato alamar yanke haɗi nan take, ya iso. Bai faɗi wanda ya turo shi ba. A kan irin wannan matsala na yi amfani da Wireshark, manhajar kama fakitocin sadarwa da bincika su, kuma hukuncina shi ne: wajen gano wanda ya yanke haɗin ban ga kamarsa ba, amma dalilin yankewar sai ka je ka nemo a na'urar da ya nuna maka. Kyauta ne. Gerald Combs ya fara shi a 1998 da sunan Ethereal, aka sauya sunan a 2006. A Windows yana buƙatar Npcap, wanda ake ba ka damar sakawa lokacin girka shi.

Shawara ta farko, kada ka yi doguwar kamawa da tagar Wireshark kanta. Idan fayil mai megabayit 900 yana sauka, tagar za ta yi ta cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi nauyi, wani lokaci fakitoci su kuɓuce mata. Akwai ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da shi, dumpcap, aikinta kamawa kawai:

```
dumpcap -D
dumpcap -i 1 -f "host 203.0.113.20 and tcp port 443" -s 128 -b filesize:100000 -b files:20 -w kamu.pcapng
```

Layin farko yana jero katunan sadarwa da lambobinsu, ka sa lambar naka bayan `-i`, ka kuma sa adireshin sabar da kake saukewa daga gare ta a maimakon 203.0.113.20. A layi na biyu, `-s 128` na nufin a ajiye bayit 128 na farkon kowane fakiti, wanda ya isa ya ɗauki kawunan Ethernet da IP da TCP, kuma su kaɗai muke buƙata. `-b` ɗin guda biyu kuwa suna raba kamun zuwa fayiloli 20 masu kusan megabayit 100, idan sun cika a goge mafi tsufa. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne a fara kamawa kafin a danna saukewa. Wanda ya fara a tsakiya ya rasa gaisuwar farko ta SYN da ake buɗe haɗi da ita, kuma a cikinta ne ake yarjejeniyar ninka girman tagar TCP, wato yawan bayit da mai karɓa zai iya ɗauka a lokaci guda. Idan babu ita, lissafin taga da Wireshark zai nuna maka ba abin dogaro ba ne.

Bayan haɗin ya yanke, buɗe kamun ka rubuta `tcp.flags.reset == 1` a gurbin tacewa. Layukan za su fito da jan launi. Kada ka ruɗe da yawansu, domin burauza da wasu manhajoji kan rufe haɗin da suka gama da shi da RST, kuma wannan ba ciwo ba ne. Je `Statistics > Conversations`, shafin TCP, ka nemo haɗin da ya fi kowanne yawan bayit, shi ne naka. Ka tace shi shi kaɗai, misali `tcp.stream eq 4`, ka gangara ƙarshensa.

Ga inda Wireshark ya fi burge ni. Buɗe kan IP na kowane fakitin da sabar ta turo, ka danna dama a kan `Time to Live`, wato TTL, ka zaɓi `Apply as Column`. Linux kan fara TTL da 64, Windows da 128, na'urorin sadarwa da yawa da 255, kuma kowace rawuta da fakiti ya ratsa tana rage ɗaya. A ce duk fakitocin sabar suna isowa da 52. Ke nan sabar Linux ce, kuma rawuta 12 ne tsakaninku. Sai ga RST ɗauke da adireshin sabar, amma TTL ɗinsa 63. Wannan fakitin bai yi doguwar tafiya ba, rawuta ɗaya tak ya ratsa. Wata na'ura ce kusa da kai, galibi fayawol ɗin ofis, ta rubuta wasiƙa ta sa hannun sabar. A minti biyu an gane wannan, alhali da ba a duba ba, mai kula da sabar za a yi ta ɗora wa laifi.

TTL shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta isa a yanke hukunci ba, tunda akwai na'urorin da ke kwaikwayon ƙimarsa. Abin da ke rufe magana shi ne kamu daga ɓangarori biyu a lokaci guda. A sabar:

```
tcpdump -i eth0 -s 128 -w sabar.pcap tcp port 443
```

Idan kamun sabar bai nuna ta aika RST ba, hasali ma ita ma ta karɓi RST da sunanka alhali kamunka bai nuna ka tura ba, to mai yankewar yana tsakiya. A daidaita agogon kwamfutocin biyu tukuna, kuma a tuna cewa idan akwai NAT, wato sauya adireshin cikin gida da na waje a rawuta, sabar adireshinka na waje za ta gani.

Tambaya ta biyu ita ce me ke tayar da yankewar, lokaci ko yawan bayit. A maimaita saukewar a kwatanta kamu biyu. Wireshark yana nuna lambar jeri daga sifili, don haka lambar fakitin ƙarshe kusan ita ce adadin bayit da suka wuce, matuƙar bai haura gigabayit 4 ba, inda lambar ke zagayowa. A misalinmu, da safe an yanke a megabayit 410, da rana layi ya cushe an yanke a 260, amma `Duration` a duka biyun daƙiƙa 300 ne. Wannan iyakar lokaci ce da aka sa wa haɗi, sai a nemi ƙa'idar a fayawol ko furoksi. Da a ce bayit ɗin ne ke daidai kullum, lokaci kuma yana sauyawa, da iyakar girman fayil za a nema.

Idan kuwa TTL ya yi daidai da na sabar, sai a karanta abin da ya gabaci RST. Jerin `tcp.analysis.retransmission` da tazararsu ke ninkuwa yana nufin hanya ta riga ta mutu, RST ɗin sanarwa ce kawai. `tcp.analysis.zero_window` daga ɓangarenka yana nufin kwamfutarka ce ta kasa kwashe bayanan, har sabar ta gaji da jira.

Yana da abubuwan da ke ɓatar da sabon shiga. Idan a kan kwamfutar da ke aikin kake kamawa, za ka iya ganin fakiti mai bayit dubbai, ya wuce 1514, ko ƙorafin `checksum` mara daidai a fakitocin da kake turawa. Katin sadarwa ne ke ƙarasa wannan aikin bayan Wireshark ya riga ya kama, ba matsala ba ce. Haka `TCP ACKed unseen segment` sau da yawa kamun ne ya rasa fakiti, layin lafiya yake. A ganina baƙaƙen layukan gargaɗi sun yi yawa, suna tsorata mutum fiye da kima. Sannan a haɗin HTTPS abin da ke ciki a rufe yake, don haka idan sabar ce da kanta ta yanke, Wireshark zai ba ka ainihin daƙiƙar, kai kuma ka ɗauki wannan lokacin ka duba kundin bayanan sabar. A kuma nemi izinin mai hanyar sadarwar kafin a kama, domin cikakken kamu na iya ɗauke da bayanan wasu, kuma wannan ƙarin dalili ne na tsayawa a bayit 128.